Ka hau babban tsari a tsakiyar wata: daga ina naira 39,000 ta fito?

Mu ɗauki mai shagon magani da ke amfani da wata manhaja wajen rubuta ciniki da ƙidayar kaya. Manhajar ta biyan wata-wata ce, kuma tsari biyu gare ta. Ƙarami naira 12,000 ne a wata, na shago ɗaya. Babba naira 30,000, wanda ke ba da damar haɗa rassa. Ranar 1 ga Afrilu aka cire masa 12,000 kamar kullum. Ranar 16 ga watan ya buɗe reshe na biyu, ya shiga manhajar ya danna hawa babban tsari. Nan take aka buɗe masa komai, ko sisi ba a cire ba. Ranar 1 ga Mayu kuwa sai alat ya shigo: an cire naira 39,000.

Shi dai 30,000 ya gani a rubuce a shafin farashi, don haka abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an yi masa ƙwange, ko an cire sau biyu. Alhali lissafin daidai yake har kwabo. Abin da ya faru shi ne an raba kuɗin watan Afrilu bisa kwanakin da ya yi a kan kowane tsari, sannan aka jinkirta karɓar cikon zuwa bil na gaba. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Na farko lissafi ne, kuma amsarsa ɗaya ce. Na biyu shawara ce da kamfani ya yanke, kuma a nan ne kusan duk rigimar da ake yi da kwastomomi take tasowa.

Mu fara da lissafin.

A irin wannan biyan, kuɗi ake bayarwa kafin a yi amfani. Naira 12,000 ɗin da ya biya ranar 1 ga Afrilu ta saya masa kwana 30 ne a kan ƙaramin tsari, wato naira 400 kowace rana. Da gari ya waye ranar 16, ya ci kwana 15, saura 15. Kwanakin da ya ci sun tafi da kuɗinsu, naira 6,000, babu mai dawo da ita. Amma kwana 15 da suka rage ya riga ya biya su, kuma ba zai yi su a kan ƙaramin tsari ba tunda ya bar shi. Ke nan yana bin kamfani naira 6,000.

A ɗaya ɓangaren, babban tsari naira 1,000 ne a rana, idan aka raba 30,000 gida 30. Zai yi kwana 15 a kansa kafin wata ya ƙare, don haka kamfani na bin sa naira 15,000. Yana bin su 6,000, suna bin sa 15,000. Aka cire wannan daga wancan, saura 9,000 a kansa. Ita ce aka ɗora a kan 30,000 ta watan Mayu, ta zama 39,000.

Kamar mai haya ne da ya biya kuɗin ƙaramin shago na wata guda, da wata ya raba sai ya koma babban shagon da ke gefe, na mai gida ɗaya. Mai gidan kirki ba zai ce ya biya cikakken wata na babban shago ba, ba kuma zai bar shi ya zauna rabin wata a farashin ƙarami ba. Zai duba abin da ya rage masa a tsohon, ya karɓi ciko.

Ga yadda ake rubuta shi a taƙaice:

```
kaso = lokacin da ya rage / tsawon watan biya
ciko = (sabon farashi x kaso) - (tsohon farashi x kaso)
ciko = (30000 x 15/30) - (12000 x 15/30) = 9000
```

Akwai hanyar da mutum zai tabbatar da wannan ba tare da ya yarda da maganar kowa ba. Ya tambayi kansa: gaba ɗaya nawa na biya wa Afrilu? Ya biya 12,000 da farko, ya ƙara 9,000, jimla 21,000. Sai ya sake lissafawa ta wata fuskar: kwana 15 a naira 400 sun kama 6,000, kwana 15 a naira 1,000 sun kama 15,000, jimla 21,000. In lambobin nan biyu suka zo ɗaya, ba a zalunci kowa ba. Ni wannan gwajin na fi yarda da shi, domin yana aiki ko sau nawa aka canza tsari a wata guda.

A bil ɗin kansa ba a cika rubuta 9,000 a layi ɗaya ba. Layi biyu ake gani. Kamfanonin da ke amfani da Stripe, wani kamfani mai sarrafa biyan kuɗi ta intanet, wajen karɓar kuɗin wata-wata, bil ɗinsu kan nuna layin da ya fara da `Unused time on` da sunan tsohon tsari, kuɗinsa ɗauke da alamar ragi, sai wani da ya fara da `Remaining time on` da sunan sabon tsari. Na farkon shi ne 6,000 da ake mayar masa, na biyun 15,000 da ake caje shi. Wanda bai saba ba, idonsa kan 15,000 yake fara sauka, ya ga kuma 30,000 a ƙasanta, ya ce an caje shi babban tsari sau biyu. Layin da ke da alamar ragi ne bai lura da shi ba. Raba layukan kuma yana da dalili: akanta na buƙatar ganin abin da aka soke daga cinikin tsohon tsari daban, da abin da aka sayar na sabo daban, haraji ma a kan kowannensu ake lissafa shi.

To amma me ya sa ba a karɓi 9,000 ɗin ranar 16 ba, a huta?

Domin ba dole ba ne. A Stripe akwai saitin da ake kira `proration_behavior`. In mai haɗa manhaja bai taɓa shi ba, yana kan `create_prorations`: za a lissafa layukan nan biyu, a ajiye su, su jira bil na gaba. In ya sa `always_invoice`, nan take za a fitar da bil na cikon a nemi kuɗin. In kuwa ya sa `none`, ba za a yi lissafin kwanaki ba sam, mai shagon zai ci kwana 15 na babban tsari a kan kuɗin ƙarami, sai 1 ga Mayu a fara cire masa 30,000. Sau da yawa babu wanda ya zauna a kamfani ya zaɓi jinkirtawar. Saitin da aka tarar ne aka bari, sai bayan ƙorafi ya fara shigowa ake gane abin da ake yi.

A ganina karɓar ciko nan take ya fi adalci ga ɓangarorin biyu. Ga kwastoma, a lokacin da ya danna maɓallin ne hankalinsa ke kan kuɗin, ya san abin da yake saya, ya ga 9,000 ta fita, ya haɗa ta da abin da ya yi. Bayan mako biyu ya manta. Ƙari a kan haka, ɗan kasuwa kan ajiye daidai abin da yake tsammanin za a cire a katin da yake biyan irin waɗannan abubuwa. Ya ajiye 30,000, aka nemi 39,000, biyan ya faɗi gaba ɗaya, ba wai 9,000 ɗin kaɗai ba. Daga nan sai saƙonnin gargaɗi, wataƙila har a rufe masa manhaja da safe yana tsakiyar ciniki, a kan kuɗin da da an tambaye shi tun ranar 16 da ya biya ba gardama. Ga kamfani kuma, jinkirtawa bashi ne ya bayar ba tare da ya sani ba. Mutum na iya hawa tsari mafi tsada, ya yi aikin da ya kawo shi cikin mako biyu, ya kwashe kuɗin da ke katin, ya tafi. Shi ya sa masu lura ba sa buɗe babban tsari sai biyan cikon ya shiga. A Stripe ana yin haka da `payment_behavior` a kan `pending_if_incomplete`, wanda ke riƙe canjin har sai an biya sabon bil ɗin.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya ginu ne a kan cewa ranar biya ba ta motsa ba, tana nan 1 ga wata. Amma ita ma ana iya motsa ta, kuma da zarar an motsa ta, lambar da kwastoma zai gani ta canza baki ɗaya.

Wasu kamfanoni suna cewa: tunda ka hau sabon tsari yau, bari watanka ya fara daga yau. Sai su caje mai shagon cikakken wata na babban tsari, 30,000, daga 16 ga Afrilu zuwa 16 ga Mayu, su cire masa 6,000 da yake bin su. Ya biya 24,000 ranar 16. Ranar 1 ga Mayu ba a taɓa shi ba, sai 16 ga Mayu a cire 30,000, haka kuma za a ci gaba kowane 16 ga wata. Wanda ya ji maƙwabcinsa ya biya 9,000 a wani kamfani, shi kuma an ce ya kawo 24,000, zai ga kamar an tsauwala masa. Ba haka ba ne. Maƙwabcin ya sayi kwana 15 ne, shi kuwa ya sayi wata guda cur. Mu gwada da gwajin ɗazu: daga 1 ga Afrilu zuwa 16 ga Mayu ya biya 12,000 da 24,000, jimla 36,000. Abin da ya samu kwana 15 ne na ƙarami, 6,000, da wata guda na babba, 30,000. Jimla 36,000. Ya yi daidai. Kusan haka shagon manhajoji na Apple yake yi idan mutum ya hau tsari mafi girma: sabon tsarin ya fara nan take, a caje shi cikakken farashinsa, a mayar masa da kuɗin kwanakin da bai ci ba na tsohon, ranar sabuntawa kuma ta koma ranar da ya canza.

Akwai kuma wata hanyar da ba ta taɓa aljihu ranar canjin, sai dai ta taɓa kalanda. A ce wa mai shagon: kana bin mu 6,000, babban tsari kuma naira 1,000 ne a rana, don haka kuɗinka ya saya maka kwana 6. Ya hau babban tsari ranar 16 bai biya komai ba, ranar 22 ga Afrilu a cire masa 30,000, watansa ya riƙa farawa daga 22. Google Play na ba masu manhaja wannan zaɓin da sunan `WITH_TIME_PRORATION`, kusa da `CHARGE_PRORATED_PRICE` wanda shi ne karɓar ciko nan take a bar ranar biya inda take. Wannan hanyar ma lissafinta tsaf yake, amma ita ce ta fi saurin ba mutum mamaki. Yana jiran 1 ga Mayu, sai ga cikakken kuɗi ya fita tun wata bai ƙare ba, a lokacin da mai albashi aljihunsa ya fi bushewa.

Ke nan canji ɗaya, a rana ɗaya, kan farashi ɗaya, na iya fitowa a matsayin 9,000 yau, ko 39,000 ranar 1 ga Mayu, ko 24,000 yau, ko babu komai yau sai 30,000 bayan kwana 6. Babu na ƙarya a cikinsu. Abin da ba shi da uzuri shi ne kamfani ya bar mutum ya danna maɓalli bai faɗa masa wanne ne zai same shi ba. Jimla biyu sun wadatar a kan allon tabbatarwa: za a cire maka kaza yau, sannan kaza a rana kaza. Kamfanin da ya iya lissafa kuɗin har zuwa daƙiƙa bai da hujjar kasa rubuta wannan.

Na ambaci daƙiƙa, kuma nan ne lambobi masu kyan gani suke watsewa. Misalinmu na Afrilu na zaɓe shi ne don kwanansa 30, kuma an yi canjin daidai tsakiya. A zahiri da wuya a samu haka.

Da a watan Maris ya yi canjin, ranar 16, kwana 15 ya ci amma saura 16, domin Maris kwana 31 ne. Abin da za a mayar masa 12,000 sau 16 bisa 31, wato naira 6,193 da kwabo 55. Abin da za a caje shi 30,000 sau 16 bisa 31, naira 15,483 da kwabo 87. Ciko ya zama naira 9,290 da kwabo 32. Da a Fabrairu mai kwana 28 ne, saura kwana 13, cikon ya sauko zuwa naira 8,357 da kwabo 14. Rana ɗaya ce a kalanda, 16 ga wata, amma kuɗi uku daban. Farashin wata tsayayye ne, na rana ne ke hawa da sauka gwargwadon tsawon watan. Wasu tsare-tsaren lissafi, don gudun wannan, suna ɗaukar kowane wata a matsayin kwana 30. Hakan na sauƙaƙa bayani, sai dai yana haifar da tasa tambayar a ƙarshen wata mai kwana 31: wanda ya canza ranar 31, kwana nawa ya rage masa? Duk wadda aka zaɓa, abin lura shi ne a yi amfani da ma'auni ɗaya wajen mayarwa da wajen caji. In aka raba tsohon farashi gida 31, sabon kuma gida 30, an rage abin da ake mayarwa an ƙara abin da ake karɓa, kuma ba kowane kwastoma ne zai gano ba.

Sai ranar canjin ita kanta: ta wane tsari ce? Mai shagon bai danna maɓallin da tsakar dare ba. A ce da ƙarfe 12 na rana ya danna. In an ba sabon tsari ranar 16 gaba ɗayanta, saura kwana 15, ciko 9,000. In an bar wa tsohon tsari ita, saura 14, ciko 8,400. In kuma ana ƙidaya da daƙiƙa, kamar yadda Stripe ke yi, saura kwana 14 da rabi, ciko 8,700. Bambancin farashin tsare-tsaren biyu naira 600 ne a rana, don haka duk kwana ɗaya da aka matsa, 600 ce ke motsi. Wannan lambar tana da amfani wajen bincike. Idan lissafin da mutum ya yi a takarda ya saɓa da na bil da naira 600 cif, ba sai ya wahalar da kansa ba, saɓani ne a kan kwana ɗaya. Idan kuma ya saɓa da abin da bai kai 600 ba, kamar 300 ko 175, alama ce ana ƙidaya da awa ko daƙiƙa.

Agogo ma na shiga ciki. Kwamfutocin da ke riƙe irin wannan lissafi galibi a kan agogon bai-ɗaya na duniya, wato `UTC`, suke, Najeriya da Nijar kuma suna gabansa da awa ɗaya. Wanda ya rufe shago, ya zauna yin lissafin dare, ya canza tsari da ƙarfe 12 da rabi na daren da za a wayi gari 16 ga wata, a wurin kwamfutar har yanzu ƙarfe 11 da rabi ne na daren 15. In tsarin na ƙidayar kwana-kwana ne, zai ga saura kwana 16, ya caji 9,600. Kwastoma zai rantse ranar 16 ya canza, bil ya ce 15, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa bisa agogonsa. Ƙidaya da daƙiƙa ba ta da wannan matsalar.

Tana da tata dai, ƙarama, wadda ke cizon masu haɗa manhaja. An nuna wa mutum a allo cewa zai biya kaza. Ya tsaya ya amsa waya, ya sallami mai sayen magani, bayan minti goma ya danna amincewa. A cikin mintunan nan lokacin da ya rage ya ragu, cikon ya sauka da kimanin naira 4. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma abin da aka nuna da abin da aka cire ba su zo ɗaya ba, kuma mai lura zai fara tambayar me kuma bai zo ɗaya ba. Maganinsa shi ne a riƙe lokacin da aka yi lissafin da aka nuna masa a allo, a tura shi tare da umarnin canjin. A Stripe sunan wurin `proration_date`.

Haraji ba ya canza tsarin lissafin, yana dai ƙara lamba a kai. A Najeriya harajin `VAT` kashi 7.5 cikin 100 ne tun 2020. In farashin da aka rubuta bai haɗa da shi ba, 15,000 za ta ɗauki 1,125, ita kuma 6,000 da ake mayarwa za ta dawo da nata 450, tunda an karɓe shi tun farkon wata. Saura 675 a kan 9,000, jimla 9,675. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a ɗora haraji a kan layin caji a manta da mayar da na layin ragi.

Yanzu ga inda na fi ganin ana cutuwa, kuma a wannan karon kamfani ne kan cutu, ko kuma kwastoma ya ji an cuce shi alhali ba a cuce shi ba. Mun ce mai shagon yana bin 6,000 ne saboda ya biya 12,000. To in bai biya 12,000 ba fa?

A ce an yi masa rangwamen rabin kuɗi a watan Afrilu, ya biya 6,000 kawai. Rabin watan da bai ci ba darajarsa 3,000 ce, domin abin da ya fita daga aljihunsa ke nan. In rangwamen bai shafi babban tsari ba, cikonsa 15,000 ne a cire 3,000, wato 12,000. Zai yi ƙorafi, domin a ransa ya lissafa 9,000. Amma da an mayar masa da 6,000, an dawo masa da duk abin da ya biya ke nan, kwana 15 na farko ya ci su kyauta. Ƙa'idar ita ce, daga abin da aka biya ake mayarwa, ba daga farashin da ke rubuce a allo ba. Haka abin yake ga tsohon kwastoma da aka bari a kan tsohon farashi bayan an yi ƙari.

Mafi muni shi ne wanda bil ɗinsa na 1 ga Afrilu bai biyu ba sam, kati ya ƙi, ana ta sake gwadawa, manhaja kuma ba ta rufe shi ba tukuna. In ya canza tsari ranar 16, na'urar lissafi za ta iya ɗauka cewa an biya watan, ta rubuta masa ragin 6,000 na kuɗin da bai taɓa bayarwa ba. Stripe da kanta ta yi gargaɗi a kan wannan a bayananta ga masu haɗa manhaja. In daga baya aka yafe tsohon bil ɗin ko aka soke shi, ragin na nan daram a asusunsa. Hanya mafi sauƙi ita ce kada a bar mai bashin wata ya canza tsari sai ya biya, ko kuma a kashe lissafin kwanaki a irin wannan yanayi a yi shi da hannu.

Sauka daga babban tsari zuwa ƙarami lissafi ɗaya ne, sai dai a juye. A ce mai shagon ya fasa reshen, ya koma ƙarami ranar 26 ga Afrilu, saura kwana 5. Za a mayar masa 5,000 ta babba, a caje shi 2,000 ta ƙarami, ya bi su 3,000. Afrilu gaba ɗaya ta kama 18,000: kwana 15 a 400, kwana 10 a 1,000, kwana 5 a 400. Sai dai kada ya zauna jiran alat. Yawanci 3,000 ɗin ba banki take komawa ba, ana ajiye ta ne a asusunsa na manhajar a rage ta daga bil na gaba. Kamfanoni da yawa ma ba sa yarda a sauka a tsakiyar wata, sai su ce canjin zai fara aiki ranar sabuntawa. Apple haka yake yi.

Dalilinsu na da alaƙa da iyakar wannan lissafi gaba ɗayansa. Raba kuɗi bisa kwanaki ya ginu ne a kan zaton cewa amfanin tsari a shimfiɗe yake, kowace rana daidai da 'yar'uwarta. Ga abin da ake saya don a same shi a buɗe, kamar damar haɗa rassa, zaton ya yi. Amma a ce ƙaramin tsarin yana zuwa da saƙonnin tes 1,000 a wata don tunatar da masu sayen magani, kuma mai shagon ya ƙarar da su tas cikin kwana 10 na farko. Ranar 16 agogo na cewa saura rabin wata, a mayar masa da rabin kuɗi. Amma abin da ya saya ya cinye shi duka, kamfani kuma ya riga ya biya kamfanin waya kuɗin kowane saƙo. Sannan ga tambaya ta biyu: in babban tsari na ba da saƙo 5,000 a wata, nawa za a ba shi na kwana 15? In aka ba shi 5,000 cif a kan kuɗin rabin wata, kowa zai koyi jira sai wata ya kusa ƙarewa ya hau babban tsari da 'yan canji, ya kwashi saƙonnin wata guda, ya sauka. Ranar 29 ga Afrilu cikon naira 1,200 ne kacal.

Shi ya sa inda tsari ke ɗauke da abin da ake cinyewa, masu lura kan raba shi ma bisa kwanaki, su ba shi 2,500 na rabin watan, ko su bi hanyar sake fara wata daga ranar canji: ya biya cikakken wata, ya karɓi cikakken kason saƙonni, ragin da za a yi masa kuma a duba shi da abin da ya rage na saƙonnin, ba da kwanaki kaɗai ba. Wanda ya cinye 1,000 ɗinsa, a irin wannan tsarin, ba lallai ya ga ragin 6,000 a bil ɗinsa ba, kuma ya kamata a rubuta masa hakan a allo tun kafin ya danna.